Wasiƙar da na rubuta wa mai gyaran hoto domin ya bar mini billena da tabbaina

Ƙungiyar masu harhaɗa magunguna da nake cikinta ta buƙaci kowane mai gabatar da takarda a taronta na shekara ya aiko da hoton fuskarsa, daga kai zuwa kafaɗa, wanda za a buga a littafin taron kuma a sa a shafinta na intanet. Mai ɗaukar hoton da na je wurinsa ya gaya mini tun farko cewa ɗauka kawai yake yi, gyara kuwa akwai wani matashi mai zaman kansa da yake tura wa mutane, wanda ake biya a kan kowane hoto, kuma ba a haɗuwa da shi sai ta waya. Wannan matashin bai taɓa ganina ba, abin da zai sani game da fuskata shi ne abin da fayil ya nuna masa da abin da na rubuta masa, saboda haka na ɗauki rubuta saƙon da muhimmanci fiye da zaman ɗaukar hoton kansa.

Fuskata tana da abubuwan da mai gyaran hoto zai iya ɗauka aibi ne. Ina da bille guda a kuncin hagu, wanda wanzamin gidanmu ya yi mini ina jariri, ya sauko a karkace daga gefen hanci. Ina da tabon ɗinki da ya ratsa girar dama tun wani haɗarin babur, har gashin girar bai sake fitowa a wurin ba. Akwai tawadar Allah a ƙarƙashin idon dama, da tabon salla a goshi, da wushirya, da furfurar da ta fara cin gemu. A ranar da aka ɗauki hoton kuma ina da ƙurajen aski a wuya, leɓena ya bushe saboda hunturu, kuma goshina yana ƙyalli da maiƙo a ƙarƙashin fitilar situdiyo. Rukuni na farko ni ne, rukuni na biyu kuwa halin wannan makon ne kawai, kuma aikin saƙon shi ne ya raba su yadda wanda bai san ni ba ba zai ruɗe ba.

Masu wannan sana'a suna da wata ƙa'ida da suke yawan ambata, cewa abin da zai ɓace da kansa cikin mako biyu ana iya cire shi, abin da zai zauna kuwa a bar shi. Ƙa'idar tana da kyau, sai dai tana buƙatar mutum ya san wanne ne wanne, kuma a allon kwamfuta, idan an buɗe hoto ƙwarai har kunci ya cika allon, tawadar Allah da baƙin tabon ƙurji kusan kamarsu ɗaya. Bille ma yana iya kama da layin da matashin kai ya bari a kunci ko tamojin tsufa. Ga kuma wani dalili da na yi la'akari da shi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayyar Najeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga a jiki, kuma tun kafin ita ma al'adar ta ja baya a birane, don haka matashin da ya tashi a yau bai saba ganin bille ko 'yan baka ko zuben Gobirawa a fuskar sa'o'insa ba, kuma darussan da ya koyi gyaran hoto da su an yi su ne a kan fuskokin da ba su da tsaga.

Kafin in rubuta komai, na roƙi mai ɗaukar hoton ya ba ni asalin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, wanda ke ƙarewa da .CR2 tunda Canon yake amfani da ita, tare da kwafi na JPEG da zan iya buɗewa a waya. A kan kwafin na yi zane. Na kewaye kowane abin da nake so a bari da koren da'ira na sa masa lamba daga 1 zuwa 6, na kewaye waɗanda za a cire da jan da'ira na sa musu haruffa. Na yi haka ne musamman saboda matsalar hagu da dama, domin kuncin haguna yana bayyana a hannun daman mai kallon hoto, kuma idan na ce "tabon da ke dama" ba tare da zane ba, ni da shi muna iya nufin ɓangarori biyu daban, kowa yana ganin ya fahimci ɗan'uwansa. Na kuma sa aka ɗauke ni wani hoto da waya a bakin taga da hantsi, ba tare da fitila ba kuma an kashe duk abin ƙawata fuska da ke cikin kyamarar, domin ya zama ma'aunin launin fatata. Ban yi amfani da kyamarar gaba ba, saboda wayoyi da yawa suna juya hoton kamar madubi, sai bille ya koma ɗaya kuncin.

Duk waɗannan na tura su ta WhatsApp a matsayin Document. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage girmansa, kuma abin da ya fara lalacewa shi ne ƙananan abubuwa irin su ramukan fata da gefen tabo, wato ainihin abin da ake magana a kai.

Ga saƙon kamar yadda na aika, bayan gaisuwa da ambaton wanda ya haɗa mu:

"Malam, wannan hoto za a buga shi ne a littafin taro, kuma waɗanda za su gan shi za su gan ni a tsaye a gabansu a rana guda, don haka ina so ya yi kama da ni a ranar da na yi barci sosai, ba wani mutum daban ba. Na haɗo maka kwafi mai zane. Duk inda na ce hagu ko dama, ina nufin hagu da daman jikina, kuma lambobin da ke kan zanen su ne hujja idan an sami ruɗani.

"Abubuwan da ke cikin koren da'ira a bar su yadda suke. Ba gogewa kaɗai nake nufin kada a yi ba, har da rage duhunsu, da gajarta su, da lallausa gefensu. Lamba 1 bille ne a kuncin hagu, tsagar gado ce, ina so ya fito daga farkonsa kusa da hanci har ƙarshensa. Lamba 2 tabon ɗinki ne a girar dama, kuma gurbin da babu gashi a cikin girar yana cikinsa, kada a cike shi. Lamba 3 tawadar Allah ce a ƙarƙashin idon dama, ba ƙurji ba ce. Lamba 4 tabon salla ne a goshi, ana iya rage ƙyallin da ke kewaye da shi, amma duhunsa ya zauna. Lamba 5 wushirya ce, kada a matse ta, kuma kada a mai da haƙoran farare fiye da yadda suke. Lamba 6 furfurar gemu ce.

"Launin fatata ya zama kamar na hoton bakin taga da na haɗo, kada a ƙara mini haske. Kada a taɓa siffar hanci ko muƙamuƙi ko girman ido, wato ba na son a yi amfani da Liquify ko kaɗan.

"Waɗanda ke cikin jan da'ira a cire su: ƙurajen aski a wuya, da ɓawon leɓe, da zaren da ya maƙale a hula, da ƙyallin fitila a gilashin tabarau. Jan da ƙura ta sa a idona a rage shi kaɗan, amma kada farin idon ya zama kamar takarda. Idan ka ci karo da wani abu da ban kewaye ba kuma kana shakka, ka bar shi ka tambaye ni."

Jimlar ƙarshen nan ita ce na fi ganin amfaninta, domin tana juya al'adar aikin. Mai gyara idan ba a ce masa komai ba, cirewa yake yi, tunda yawancin masu ba shi aiki abin da suke biya ke nan, kuma fuska mai santsi ita ce shaidar da yake nuna wa na gaba cewa ya iya. Idan aka gaya masa cewa shakka tana nufin bari, an sauke masa nauyin yin hasashe, kuma an sauke wa kai nauyin lissafa kowane ɗigo da ke fuska.

Na ƙara sakin layi guda a kan yadda za a miƙo aikin. Na nemi fayil na PSD, wato na manhajar gyaran hoto ta Photoshop, wanda ba a haɗe fallayensa ba, hoton asali yana ƙasa ba a taɓa shi ba, gyaran fata a falle ɗaya, gyaran haske da launi a wani falle, kuma kada a yanke gefen hoton sai mun amince da gyaran. Na nemi JPEG na ƙarshe a tsarin launi na sRGB, tunda shi ne shafukan intanet suke nunawa daidai. Mun yi ittifaƙi a kan rabin kuɗi kafin aiki da rabi bayansa, da damar mayar da hoton sau biyu ba ƙarin kuɗi, kuma na rubuta cewa idan an taɓa abin da ke cikin koren da'ira, dawo da shi ba ya cikin lissafin nan. A ƙarshe na ce ban yarda a sa hotona a shafinsa na talla ba, irin wanda ake jera na da da na yanzu gefe da gefe, domin ba na so ƙurajen wuyana su zama abin nuna gwaninta.

Da aikin farko ya dawo, kallon farko ya ba ni sha'awa. Ƙurajen sun tafi, tabarau sun washe, tawadar Allah tana nan, wushirya tana nan, girar tana da gurbinta. Sai da na ajiye shi kusa da na asali na ga cewa billen ya dushe. Yana nan a wurinsa, amma ya zama kamar an zana shi da fensir an bi da ɗan yatsa, ƙarshensa na ƙasa ya narke cikin kunci, kuma a ƙaramin girman da littafin taro zai buga shi, wanda bai wuce hoton fasfo da yawa ba, ba za a gan shi ba sam. Tabon salla shi ma ya ragu, fuskar gaba ɗaya kuma ta fi wuyana da kunnuwana haske.

Ban so in kai ƙorafi a kan abin da idona ya raya mini kawai ba, don haka na gwada. Na buɗe fayil ɗin PSD a Photopea, wanda ke aiki a cikin burauza kyauta, na kashe fallen gyaran haske, na kwafi hoton asali na ɗora shi a sama, na canza yanayin haɗa shi daga Normal zuwa Difference. A wannan yanayi duk inda hotunan biyu suke daidai yana zama baƙi ƙirin, inda aka canza kuwa yana haske, kuma saboda bambancin yakan yi rauni, na ƙara masa ƙarfi da Levels domin ya fito. Wuya ya yi ɗige-ɗigen haske a inda ƙurajen suke, wanda daidai ne. Tawadar Allah baƙa ce, wato ba a taɓa ta ba. Amma siffar billen ta fito sarai da haske a kan kunci, haka ma zagayen tabon goshi. Wannan gwaji yana iya yin wahala idan an riga an yanke hoton ko an karkata shi, domin hotunan biyu ba lallai su hau kan juna daidai ba, shi ya sa na nemi a jinkirta yankan.

Na ɗauki hoton allon na tura masa, na tambaye shi yadda aka yi, ba tare da zargi ba. Amsarsa ta koya mini abin da ban sani ba. Ya ce: "Wallahi Yallaɓai ban sa Spot Healing Brush a kan billen ba, na zagaye shi. Wurin daidaita fata ne ya shafe shi." Ya bayyana mini cewa suna raba hoto gida biyu, falle ɗaya yana ɗauke da launi da inuwa, ɗayan yana ɗauke da kaushin fata da ƙananan layuka, ana samar da na farkon ta hanyar dusar da hoton da Gaussian Blur. Daga nan sai su lallausa fallen launi domin kunci ya zama bai ɗaya, suna barin na kaushi domin kada fuska ta zama kamar roba. Tawadar Allah ƙarama ce mai kaifin gefe, kuma ya ce ya kauce mata da gangan. Bille kuwa tsohon tabo ne mai faɗi kaɗan, yawancin abin da ke sa a gan shi duhu ne da inuwa, kuma waɗannan suna zaune ne a fallen launi, don haka lokacin da ya bi kuncin yana daidaita launi, rabin billen ya tafi ko da yake bai nufe shi ba. Tabon salla kuwa kusan gaba ɗayansa launi ne, shi ya sa ya fi saurin dushewa lokacin da ake kashe ƙyallin goshi.

Maganin bai yi wuya ba da zarar an gane dalilin. Ya sa abin rufewa a kan fallen gyaran fata, wanda suke gani a allo da sunan Layer Mask, ya shafa baƙi a kan billen da tabon goshi da ɗan fili kewaye da su, sai hoton asali ya leƙo ta wurin ba tare da wani gyara ba. Abin lura shi ne filin da ake bari kewaye da tabon, domin idan aka yanke daidai bakinsa, sai ya zama tabo mai kaifi a tsakiyar fata mai santsi, ya fi fitowa fiye da yadda yake a zahiri, kamar an manna shi. Ya bar gefen rufin da laushi, ya kuma rage ƙarfin lallausa kuncin gaba ɗaya domin wurin da aka gyara da wanda ba a gyara ba su saje.

A kan tabon gira ne muka yi saɓani, kuma a nan na ga yana da gaskiya. Ya ce fitilar situdiyon ta zo ne daga gefen hagu, ta bi ta kan fuska a kwance, don haka ta jefa inuwa cikin ramin tabon har ya yi zurfi fiye da yadda yake a hoton bakin taga. Ya nemi izinin rage inuwar kaɗan ba tare da taɓa tsawon tabon ko gurbin gashin ba. Na duba hotunan biyu na ga haka ne, tabon situdiyo ya fi wanda nake gani a madubi muni. Na amince da sharaɗin cewa hoton bakin taga shi ne iyaka, kada ya wuce shi. A ganina wannan shi ne bambancin mai gyara da ya san aikinsa da mai bin umarni ido rufe, domin abin da nake karewa shi ne tabon yadda mutane suka san shi, kuma wani lokaci fitila ce take ƙara gishiri.

Batun launin fata ya fi ɗaukar magana. Ya ce bai yi niyyar haskaka ni ba, ya ɗaga hasken hoton ne domin fuskar ta fito daga bango mai duhu, kuma yawancin masu ba shi aiki ma sukan ce a ƙara. Na gaya masa cewa na san haka, kuma ba na ganin laifin wanda ya nema, amma ni baƙi ne kuma haka za a gan ni a zauren taro. Hanyar da na bi na nuna masa ita ce kwatanta fuska da wuya da kunne a cikin hoton da ya gyara, domin mai gyara yakan zaɓi fuska kaɗai ya ɗaga haskenta, sai a sami kai mai haske a kan wuya mai duhu, da layi a ƙarƙashin muƙamuƙi inda biyun suka haɗu. Na kuma duba hoton a allo biyu, na waya da na kwamfutar ofis, saboda allon waya yakan ƙawata launi, kuma hasken da aka saita shi a kai yana canza hukuncin ido. Abin da muka tsaya a kai shi ne ya mayar da fuskar launinta, ya haskaka bangon a maimakonta, wanda ya raba ni da bango ba tare da an canza ni ba.

Kafin in biya ragowar kuɗin na sake yin gwajin Difference, na ga wurin bille da goshi da tawadar Allah sun yi baƙi, tabon gira kuma yana da ɗan haske siriri a inda muka yarda a rage inuwa. Na duba hoton a girman kashi 100 domin in tabbata ramukan fata suna nan, sa'an nan na ƙanƙantar da shi zuwa girman da za a buga, na fitar da shi a firintar ofis a takarda, domin tawada a kan takarda tana cinye bambancin duhu da duhu fiye da allo, kuma a fata mai duhu bille yana iya ɓacewa a wurin bugu ko da fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Ya fito, ba da ƙarfi ba, amma duk wanda ya san ni zai gan shi.

Na ajiye saƙon da kwafin mai zane domin wani karon, na kuma ƙara masa jimla biyu daga abin da matashin ya koya mini: cewa a rufe wuraren koren da'ira da Layer Mask kafin a fara daidaita launin fata, kuma a kwatanta fuska da wuya kafin a miƙo aiki. Na tura wa sakatariyar ƙungiyar fayil ɗin JPEG ta imel, tare da roƙon cewa mai tsara littafin ya yanke shi yadda shafi ya buƙata, amma kada ya sake bi ta kan fuskar da wani gyara.